Zafin ne ya fi yawa ko jinin? Yadda ake bambance basir da tsagewar dubura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ko bakin kasuwa ya san muryar masu tallar maganin gargajiya ta lasifika. Za su jero maka basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai kumbura ciki, basir mai tsattsaga dubura, sannan su ɗaga gora ɗaya su ce ita ce maganinsu duka. A asibiti lissafin ba haka yake ba. Abin da mai talla ya kira basir mai tsattsaga dubura ciwo ne dabam mai zaman kansa, sanadinsa dabam, maganinsa dabam. Mutane da yawa sun kwashe watanni suna shan maganin basir, alhali abin da ke hana su barci ɗan tsagi ne a bakin dubura wanda sau da yawa tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba.

Likitan da ya ƙware yakan kusa gano wanne ne tun majiyyaci bai hau gadon gwaji ba. Abin da yake tambaya bai wuce biyu ba: yaushe zafin yake zuwa, kuma yaya jinin yake fita.

Amma kafin nan akwai abu ɗaya game da halittar wurin da ya kamata a sani, domin shi ne tushen bambancin gaba ɗaya. Ƙarshen hanji, wato mashigar dubura, tsawonta kamar santimita 3 zuwa 4 ne. Idan aka shiga kamar santimita 2 daga baki, akwai wata iyaka inda fatar waje ta ƙare, shimfiɗar hanji ta fara. Ƙasa da wannan iyaka fata ce mai cike da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ko ɗan ƙarzanewa ta yi sai mutum ya ji. Sama da iyakar kuwa babu irin waɗannan jijiyoyi. Wurin yana jin cika da nauyi, amma ba ya jin yanka. Basir na ciki a saman iyakar yake zaune. Tsagewa a ƙasanta take faruwa. Shi ya sa ɗaya ke iya zubar da jini har ya ɓata kwanon masai ba tare da mai shi ya ji komai ba, ɗayar kuma ɗigo biyu na jini kawai za ta fitar amma ta sa ƙato hawaye.

Basir na ciki ba baƙon abu ba ne da ya tsiro a jiki. Kowa an haife shi da wasu dunƙulallun nama guda 3 masu cike da hanyoyin jini a saman wannan iyaka, aikinsu su taimaka wajen rufe dubura ruf, kada iska ko ruwa su silalo. Idan mutum ya yi shekaru yana yunƙuri a bayan gida, ko yana daɗewa a tsugune, ko mace ta ɗauki ciki bayan ciki, sai naman ya kumbura, abin da ke riƙe da shi ya saki, ya fara zamowa ƙasa. Shimfiɗar da ke kansa ba ta da kauri, don haka da bayan gida ya goge ta sai jini.

Jinin basir ja ne jawur, sabo, kuma yakan zo ne a ƙarshen bayan gida ko da zarar an gama. Wani ɗiga yake yi ɗis-ɗis, wani kuma tsartuwa yake yi idan an yi yunƙuri, har ya fantsama. Ba ya cakuɗuwa da bayan gidan, a samansa yake ko a gefensa. Yakan yi kwanaki yana zuwa, ya ɗauke na makonni, ya dawo. Idan aka tambayi mai shi ko yana jin zafi, sai ya yi ɗan tunani ya ce a'a, sai dai nauyi, ko ƙaiƙayi, ko damshi da yauƙi a wando, ko ya ji kamar bai gama ba. Idan abin ya yi gaba, sai nama ya riƙa leƙowa. Likitoci suna auna shi a mataki 4, tsarin da ake jingina wa likitan fiɗa na Birtaniya John Goligher: a mataki na farko jini kawai yake yi bai fito ba, a na biyu yana fitowa ya koma da kansa, a na uku sai an tura shi da yatsa, a na huɗu ko an tura ba ya zama.

Tsagewa kuwa rauni ne a fata. Galibi bayan gida mai tauri da kauri ne ke yaga ta, ko da yake gudawa mai yawa da haihuwa su ma suna jawo ta. Masu ita kusan bakinsu ɗaya wajen kwatanta zafin: wani ya ce kamar reza, wani ya ce kamar yana kashin fasasshiyar kwalba. Wannan shi ne zafi na farko, na lokacin da bayan gida ke wucewa. Sai kuma na biyu, wanda shi ne ainihin alamar da ke tona ta. Bayan an tashi, an yi tsarki, wani lokaci har a samu 'yan mintoci na sauƙi, sai wani raɗaɗi mai zurfi ya taso, mai ƙuna da matsewa, ya ɗauki rabin awa, awa biyu, wani ma har rabin yini. Daga nan ya lafa, mutum ya yi harkarsa lafiya lau, sai kuma gobe idan ya sake zagayawa. Jinin kaɗan ne. Ɗan layi ne a jikin bayan gidan, ko ɗan ja a yatsa.

A nan akwai abin da littattafan likitanci na Turai ba su yi la'akari da mu ba. Su suna cewa a duba takardar goge jiki, a duba ruwan masai. Mu kuwa da buta muke tsarki, kuma a gidaje da yawa masai rami ne, abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Saboda haka alamar tamu ita ce hannun hagu da ruwan tsarki. Mai tsagewa zai ga ɗan jini a yatsunsa, kuma da ruwa ya taɓa wurin sai ya ji ya yi masa zafi zau a waje ɗaya takamaimai, wanda zai iya nunawa. Mai basir na ciki zai ga ruwan tsarkin ya yi ja, ko ya ga ɗigon jini a bakin ramin, amma ruwan bai dame shi ba. Wanda ke amfani da masan rami kuma ya fara ganin jini, yana da kyau ko sau ɗaya ya yi a fo ko wani mazubi da rana, ya duba da idonsa: jinin a sama yake ko a cakuɗe, ja ne ko ya yi duhu. Ba abin jin daɗi ba ne, amma amsar wannan tambaya tana da nauyi a wurin likita.

Me ya sa ɗan rauni irin wannan ke ƙin warkewa? Wanda leɓensa ya taɓa fashewa da hunturu ya san yadda abin yake: da ya fara haɗewa sai a yi dariya ko hamma ya sake buɗewa. Haka tsagin yake sake buɗewa da kowane bayan gida. Amma akwai abin da ya fi wannan. A ƙarƙashin fatar akwai tsoka mai zagaye da dubura wadda ba da umarnin mutum take aiki ba. Da zafi ya taɓa ta sai ta ɗaure tamau. Wannan ɗaurewar ita ce raɗaɗin da ke biyo bayan tsarki. Idan ta ɗaure kuma sai ta matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da fatar, raunin ya rasa jinin da zai warke da shi. Ɓangaren baya na dubura, wanda ke fuskantar ƙashin gindi, dama shi ne mafi ƙarancin jini, shi ya sa kusan tsagewa 9 cikin 10 a nan suke, a tsakiya daidai. Sauran galibi a tsakiyar gaba suke, kuma an fi ganinsu ga mata, musamman bayan haihuwa. Sannan tsoro ya shigo. Mai ciwo ya fara riƙe bayan gida don gudun azaba, bayan gidan ya ƙara bushewa a ciki, ranar da ya fito ya sake yaga wurin fiye da da.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce direban babbar mota ne ɗan shekara 35, mai jigila tsakanin Kano da Legas. Abincinsa a hanya biredi da shayi, taliya, tsire. Ruwa ba ya sha sosai don kada fitsari ya riƙa tsayar da shi. Idan baya ya matsa masa yakan haɗiyi tiramadol, wanda shi da kodin duk suna busar da ciki. Wata rana bayan kwana uku bai zagaya ba, ya yi yunƙuri mai ƙarfi, ya ji wani abu ya yage, ya ga ɗan jini. Tun daga ranar kowace safiya sai ya yi kusan awa biyu yana tuƙi a karkace, ɗuwawu ɗaya a sama. Bayan wata biyu ya shafa ya ji ɗan nama a bakin duburar ta baya. Shi ke nan, ya yanke hukunci: basir mai tsiro. Ya sayi gorar tsimi a tasha, ta sa shi gudawa kwana biyu, zafin ya ƙaru domin gudawa ma ƙona raunin take yi. Ya koma kemis aka ba shi man shafawa na basir da ƙwayar matsi. Man ya ɗan kashe zafin na mintoci, ƙwayar kuwa tura ta kaɗai sai da ya yi gumi.

Da ya isa asibiti, hirar ba ta da tsawo.

"Malam, zafin nan, kullum yana nan ko zuwa yake ya tafi?"

"Wallahi likita, idan ban zagaya ba lafiyata ƙalau. Amma da na zagaya, to ranar sai azahar nake dawowa daidai."

"Jinin fa, yana ɗiga?"

"A'a, ɗan kaɗan ne a hannu idan ina tsarki."

"Naman da kake ji, fitowa yake ya koma, ko kullum yana waje?"

"Kullum yana nan. Bai taɓa komawa ba, kuma bai ƙara girma ba."

Amsoshin nan uku sun riga sun nuna hanya. Zafin a ɗaure yake da bayan gida kuma yana daɗewa bayansa. Jinin bai kai girman zafin ba. Naman kuma ba ya shiga ba ya fita. Wannan nama shi ne ya fi ruɗin mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. Idan tsagewa ta wuce mako 6 zuwa 8 ba ta warke ba, fatar da ke ƙarshenta ta waje takan kumbura ta zama ɗan tsiro mai laushi. Fata ce kawai, ba basir ba. Raunin yana ɓoye a bayanta, idan aka ɗaga ta kaɗan za a gan shi.

Gwajin ma bai kai abin da mutane ke tsoro ba. Majiyyaci zai kwanta ta gefen hagu ya naɗe gwiwoyi, likita ya buɗe ɗuwawun a hankali ya duba da haske. Sau da yawa wannan ya isa a ga tsagin: sabo yana kama da ɗan yanka ja, tsoho kuma gefensa ya yi kauri, har a hango fararen zaren tsoka a ƙasansa. Idan an gan shi kuma zafin ya yi tsanani, likita mai hankali ba ya cusa yatsa ko na'ura a ranar, sai wurin ya lafa, ko kuma a yi gwajin bayan an kashe zafi idan akwai abin da ake zargi. Basir na ciki akasin haka ne. Daga waje ba a ganinsa sai in ya fito, yatsa ma ba ta cika jin sa ba saboda laushinsa, sai an saka wani ɗan gajeren bututu mai haske. Mai basir yakan jure wannan ba wahala. Mai tsagewa ko kusantar wurin aka yi sai ya zabura, wannan zaburar ma alama ce.

Maganin direbanmu yana da manufa biyu: a tausasa bayan gida, a sassauta tsokar. Na farko aikin kwano ne da kofi. Wake, zogale, rama, miyar kuka da kuɓewa, gwanda, kankana, lemo a ci da ɓargonsa, ruwa kamar lita biyu a yini ko fiye idan ana zafi, a kuma bar tiramadol. Idan abinci bai wadatar ba a ƙara da maganin tausasa ciki irin laktulos, ana neman bayan gida mai laushi da ke fita ba yunƙuri, ba gudawa ba. Sai zama cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 bayan kowane bayan gida, domin ɗumi na sa tsokar ta saki. Ruwan ɗumi aka ce, wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa, ba tafasasshe ba, kuma ba a zuba masa gishiri, kanwa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kusan rabin sababbin tsagewa da wannan kaɗai suke warkewa.

Tasa ta riga ta tsufa, don haka sai an haɗa da man da ke sassauta tsoka ya buɗe hanyar jini. Akwai na naitirogilisarin mai ƙarfin kashi 0.2 zuwa 0.4 cikin 100, akwai na diltiyazem mai kashi 2 cikin 100. Ana shafa ɗan kaɗan a bakin dubura sau biyu a rana har mako 6 zuwa 8. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa a mako na biyu saboda zafi ya tafi, alhali raunin bai rufe ba. Na farkon yana yawan sa ciwon kai, shi ya sa wasu ke gudunsa. Akwai kuma gargaɗin da dole a faɗa ƙarara a ƙasar da maganin ƙarfin maza ya cika kemis da shagunan shayi: haɗa naitirogilisarin da sildenafil ko danginsa na iya faɗar da hawan jini ƙasa warwas har mutum ya suma. Duk mai shan irin wannan ya gaya wa likita, kunya ba ta da wuri a nan. Idan mai ya gaza, akwai allurar botoks da ke sassauta tsokar na 'yan watanni inda ake samunta, akwai kuma ƙaramar tiyata da ake ɗan yanka gefen tsokar ta ciki. Tiyatar tana warkar da fiye da 9 cikin 10, amma tana iya barin wasu da wahalar riƙe tusa ko ɗan yoyo, shi ya sa ake taka-tsantsan da ita ga matan da suka haihu da yawa.

Dubi yadda wannan ya bambanta da abin da ake yi wa basir na ciki. Gyaran abinci da barin yunƙuri duk ɗaya ne, haka ma rage zaman masai, wanda wayar hannu ta mayar da shi na rabin awa alhali minti biyar ya isa. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, a mataki na farko zuwa na uku, ana iya ɗaure gindin basir ɗin da ɗan zoben roba, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako guda. Ana yin haka ba tare da allurar kashe zafi ba, don a saman iyakar nan ake ɗaurewa. Wanda ya ɗauki tsiron fatar direbanmu a matsayin basir ya ɗaure shi da zare, ko ya yanke da aska, ko ya ɗiga masa wani abu mai ƙuna kamar yadda wasu ke yi a gida, ya taɓa fata mafi jin zafi, ya bar ainihin ciwon yana nan, kuma tabon da zai biyo baya na iya tsuke duburar.

To amma kada a ɗauka duk zafi tsagewa ce. Basir ma yana da ranar da yake zafi, sai dai salon zafinsa dabam ne. A ƙarƙashin fatar bakin dubura akwai hanyoyin jini, wani lokaci jini yakan daskare a cikin ɗaya farat ɗaya, bayan ɗaga kaya mai nauyi, doguwar tafiya a zaune, ko naƙuda. Mutum zai wayi gari da kulu mai tauri, girman gyaɗa ko ya fi, launinsa shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi, ko taɓa shi ba ya so a yi. Wannan zafin ba ya jiran bayan gida. Yana nan a zaune, yana nan a tsaye, yana nan a kwance, ya fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, sannan ya fara sauka da kansa, kulun ya saɓe cikin mako biyu ko fiye. Jini ba ya fita sai in fatar ta fashe, a nan kuma gudan jini baƙi ne ke fitowa, sai a ji sauƙi. Idan an je asibiti cikin awa 72 na farko ana iya kashe wurin a cire gudan. Bayan haka galibi haƙuri da maganin zafi da ruwan ɗumi sun fi wuƙa. Haka ma basir na ciki da ya fito ya maƙale, tsoka ta shaƙe shi, ya kumbura ya ƙi komawa: wannan zafi ne mai tsanani marar yankewa, kuma na asibiti ne a ranar.

Akwai na ukun da bai kamata a ruɗe da shi ba ko kaɗan. Zafi mai zugi kamar bugun zuciya, wanda ke ƙaruwa kullum maimakon raguwa, yana hana barci, ga zazzaɓi, ga kumburi mai ɗumi a gefen dubura, wannan maruru ne ya tara mugunya. Ba mai ko ƙwaya da za su fitar da ita, sai an tsaga. Ga mai ciwon suga jinkirin kwana biyu na iya zama babbar magana.

Masu jego sun cancanci a tsaya a kansu, domin a wurinsu ne ciwukan biyu suka fi haɗuwa. Ciki yana kumbura basir, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awo tana taurara bayan gida tana kuma mayar da shi baƙi, naƙuda na iya jawo daskarewar jini a baki, bayan gidan farko bayan haihuwa kuma na iya yaga fata. Mace ɗaya na iya samun biyun a lokaci guda. Abin da ke taimakawa shi ne a tambayi wanne ne ke damunta yanzu. Idan kukanta shi ne tana tsoron shiga bayi saboda abin da ke biyo baya, tsagewar ce ke magana ko da ana ganin basir a waje, kuma ita za a fara bi. Ba a daina maganin ƙarin jini da ka, ba a kuma shafa man sassauta tsoka da ciki ko shayarwa sai da izinin likita.

Yara kuma nasu ya fi sauƙin ganewa. Basir na gaske ba kasafai yake kama ƙaramin yaro ba. Yaron da ke ƙanƙame jiki, yana tsallara ihu a kan fo, yana ɓuya a bayan ƙofa don kada a ce ya yi kashi, ga ɗan layin jini a jikin kashi mai tauri, wannan tsagewa ce kusan ko yaushe, kuma tana warkewa idan cikin ya yi laushi. Jan naman da ke zazzagowa ga yaro bayan doguwar gudawa ko tamowa kuwa ƙarshen hanjin ne da kansa ya fito, shi ma ba basir ba ne.

Duk wannan rarrabewa tana da iyaka, kuma iyakar tana wajen jini marar zafi. Zafin tsagewa yana da salon da ba ya cika ɓoyuwa, kuma shi da kansa yake kora mutum neman magani. Jinin da ba ya zafi kuwa ba ya korar kowa. Mutum na iya shekara yana ganinsa yana cewa basir ɗina ne ya motsa, har jininsa ya ƙare, ya fara haki idan ya hau bene, tafin hannunsa ya yi fari. Abin da ya fi wannan muni, ciwon dajin ƙarshen hanji shi ma yana iya farawa da jan jini marar zafi, kuma samun basir bai hana mutum samun daji a samansa ba. Likitocin fiɗa a Najeriya suna ganin wannan ciwo ga mutanen da ba su tsufa ba, 'yan shekara arba'in da ma ƙasa da haka, da yawansu kuma sun iso a makare bayan dogon shan maganin basir.

Abubuwan da ke fitar da jini daga sahun basir sanannu ne. Jinin da ya cakuɗe da bayan gida maimakon ya kwanta a samansa, ko ya yi duhu, ko ya zo da majina. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, wannan daga sama yake, daga ciki ko farkon hanji, kuma na gaggawa ne. Sauyin yanayin bayan gida da ya wuce makonni, yau gudawa gobe tauri, ko ya sirance. Jin marmarin zagayawa a kai a kai ba tare da wani abu ya fito ba. Rama ba dalili. Wani a dangi na kusa da ya yi dajin hanji. Jini da majina da murɗar ciki na 'yan kwanaki yakan zama atini, wanda gwajin bayan gida ke nunawa, amma atinin da ya yi wata biyu yana dawowa duk da magani ya daina zama atini sai an bincika. Wanda ya haura shekara 40 ya fara ganin jini, ko da jan ne mai ɗiga irin na basir sak, ya kamata a duba shi da yatsa da bututu, a kuma yi shawarar duba hanjin da kyamara.

Tsagewa ma tana da irin nata da ba a yarda da su. Wadda take a gefen dama ko hagu maimakon tsakiya, ko suka zama da yawa, ko mai faɗi da zurfi amma ba ta zafi sosai, ko wadda ta ƙi warkewa bayan an yi mata magani yadda ya kamata, ba taurin ciki ba ne ya kawo ta sai an tabbatar. A nan likita zai nemi tarin fuka, ƙanjamau, tunjere, ciwon kumburin hanji mai daɗewa, ko dajin bakin dubura, kuma yakan ɗebi ɗan nama daga gefen raunin a kai ɗakin gwaji.